Inshorar lafiya ko ta rai: da wacce zan fara?

Tambaya: Ina da mata da yara uku, babban shekararsa 9, ƙaramar 2, ga mahaifiyata a hannuna. Albashi nake ɗauka, mai ɗakina kuma tana 'yar sana'a. Idan muka cire hidimomi da biyan bashi, abin da ke saura bai wuce kashi 15 cikin 100 na abin da ke shigowa ba. Wani wakilin kamfanin inshora ya matsa mini in shiga tsarin inshorar rai mai haɗe da ajiya, wai bayan shekara 15 za a dawo mini da kuɗina. Amma ko inshorar lafiya ba mu da ita. Da wacce ya kamata in fara, kuma ta yaya zan samar wa kuɗin gurbi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka dakata da sa hannu a takardar wakilin nan. Ka fara da lafiya, musamman ɓangaren kwanciya asibiti da tiyata. Daga nan ka sayi inshorar rai zalla mai wa'adi a kanka, wato wadda ke biyan iyali idan ka rasu cikin shekarun da aka ƙayyade, ba mai ajiya ba. Na yi shekaru a sashen da ake duba takardun masu neman a biya su, wato teburin da ake cewa "an amince" ko "an ƙi", don haka yawancin abin da zan faɗa maka daga can ƙarshen hanyar na hango shi.

Akwai abu ɗaya da wakili ba zai fara da shi ba. Kamfanin inshora yana karɓar fiye da abin da yake biya. Dole ne, domin daga cikin zubin da kuke yi (kuɗin da ake biya wata-wata ko shekara-shekara nake nufi, haka zan riƙa kiransa) ake fitar da albashin ma'aikata, da la'adar wakili, da ribar masu kamfani. Ke nan idan aka haɗa dukkan masu zubi aka yi lissafi, abin da ya koma musu bai kai abin da suka zuba ba. Wannan ba ha'inci ba ne, kuɗin rufin asiri ne. Amma yana nuna maka inda ya dace ka sayi inshora da inda bai dace ba. Asarar da za ka iya ɗauka da aljihunka, kamar fashewar gilashin waya ko zazzaɓin kwana biyu, idan ka saya mata inshora, tsada kawai ka ƙara wa kanka. Asarar da idan ta zo za ta sa ka sayar da kadara, ko ka cire yaro daga makaranta, ko ka ci bashin da za ka shekara biyar kana biya, ita ake saya wa inshora. Saboda haka ba yawan faruwar abu ake dubawa ba, nauyinsa ake dubawa idan ya faɗo.

Idan ka auna da wannan sikelin, mutuwar mai ciyar da gida ta fi kowace asara nauyi. To me ya sa na ce lafiya ce farko? Dalili biyu. Na ɗaya, rai ɗaya ne a gidanka da rashinsa zai yanke albashi, amma jiki shida ne za su iya kwanciya, kuma kowanne kai za a miƙa wa takardar kuɗin. Na biyu, babbar jinya takan cinye ajiya, sannan ta cinye kuɗin da ake zuba wa sauran inshorar. Na sha ganin takardar inshorar rai da ta mutu watanni kaɗan kafin mai ita, saboda kuɗin zubin ya tafi wajen magani. Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya sun daɗe suna amfani da wani ma'auni: gidan da ya kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu ko yake kashewa a kan jinya daga aljihunsa, ana lissafa shi cikin waɗanda jinya ta yi wa mummunan nauyi, akwai kuma mataki na sama, kashi 25. Kai da rararka kashi 15 ce, ka ga tazarar ba ta da yawa.

Abu ɗaya ne ke shiga gaban lafiya, shi ne wanda doka ta tilasta. Idan kana da mota ko babur, a yawancin ƙasashe dole ne ka mallaki inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna a hanya. Wannan ba zaɓi ba ne, ka sa shi a lissafin abin hawa tare da mai da gyara, mu wuce.

Kafin ka sayi komai, ka binciki abin da kake da shi ba ka sani ba. Ka je ofishin kula da ma'aikata a wurin aikinka ka yi tambaya uku: akwai inshorar lafiya ta ma'aikata, mutum nawa take ɗauka daga iyali, kuma idan ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki albashin wata nawa ake ba magada? Sannan ka duba ko akwai tsarin lafiya na gwamnati da ka cancanta. Tsarin rukuni, na wurin aiki ko na gwamnati ko na ƙungiyar sana'a, kusan kullum ya fi na mutum ɗaya araha, kuma sau da yawa ba ya tsananta bincike a kan tsohon ciwo. Aibinsa shi ne na wurin aiki yana ƙarewa ranar da aikin ya ƙare.

Yanzu ga yadda ake karanta takardar inshorar lafiya, domin a nan mutane suka fi shan mamaki. Talla takan cika shafi da abubuwan da ke burge ido: ganin likita kyauta, tabarau, wankin haƙori. Kai ka tsallake duk wannan ka nemi teburin iyakoki. Akwai iyakar shekara, wato mafi yawan abin da za su biya a shekara ɗaya. A ƙarƙashinta kuma akwai ƙananan iyakoki, na tiyata daban, na kwana a ɗakin kulawa ta musamman daban, na kuɗin gado daban, na haihuwa daban. Waɗannan ƙananan su ne gaskiyar takardar.

Bari mu yi amfani da lambobi masu sauƙi. Mu ɗauka abin da ke shigowa gidanka a wata 1,000 ne, a kowane irin kuɗi kuke amfani da shi, naka 800, na mai ɗakinka 200. Hidima da biyan bashi 850, rara 150. Duk lambobin da zan kawo misali ne don ka ga yadda ake lissafin, na gaskiya sai ka karɓo daga kamfanoni. An kawo maka tsari biyu, kowanne 600 a shekara. Na farko yana biyan ganin likita da magani tun daga kwabon farko, amma iyakar tiyata 500 ce. Na biyu ya ce duk kwanciyar da aka yi kai za ka biya 100 na farko, ƙananan jinya ma naka ne, amma iyakarsa 20,000 a shekara. A shekarar da aka yi mura da zazzaɓi kawai, na farko zai fi maka daɗi, har ka riƙa yabonsa. A shekarar da yaro ya faɗo aka yi masa aiki a ƙashi, kuɗi ya kama 6,000, na farko zai biya 500 ya bar ka da 5,500, kusan abin da gidan ke samu a wata shida. Na biyu zai bar ka da 100. Mai rarar 150 a wata zai iya ɗaukar mura da kansa. Abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne 5,500.

Bayan iyakoki, ka nemi lokacin jira. Yawancin takardu ba sa fara biyan ciwo sai bayan wasu makonni da shiga, ban da haɗari. Haihuwa takan jira wata 9 zuwa 12, ciwon da aka shigo da shi kuma, irin su hawan jini da ciwon sukari, wasu su jira shekara ko fiye, wasu su toge shi gaba ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya jira sai likita ya ce za a yi aiki sannan ya nemi inshora ya makara. Sai kuma jerin asibitocin da suke hulɗa da su. Ka ɗauki waya ka kira asibitin da ya fi kusa da gidanka ka tambaye su da bakinka ko har yanzu suna karɓar katin wannan kamfani, kuma ko kamfanin yana biyansu a kan lokaci. Ma'aikacin teburin karɓar kuɗi na asibiti ya fi kowace talla sanin halin kamfani. Ka kuma tambaya ko kamfanin ne ke biyan asibiti kai tsaye, ko kai za ka biya a mayar maka daga baya. Idan na biyun ne, to dole ka samo kuɗin a daren da ake buƙatarsu, kuma amfanin inshorar ya ragu da rabi ga mai ƙaramar ajiya. Na ƙarshe, ka san ko ana buƙatar izininsu kafin a kwantar da mutum ko a tura shi wani asibitin. An ƙi biyan mutane da yawa ba don ciwon ba ya cikin takarda ba, sai don ba su kira lambar ba kafin a shiga ɗakin tiyata.

Batun Mama kuwa, ka shirya jin abin da ba ka so. Tsarin iyali yawanci yana nufin miji da mata da 'ya'ya har wani adadi, ba ya haɗa iyaye. Kamfanoni da yawa suna da iyakar shekarun shiga, sau da yawa 60 ko 65, kuma waɗanda ke karɓar dattijai suna caji da tsada tare da toge ciwon da suke da shi. Idan akwai tsarin gwamnati da ke karɓarta, can za ka kai ta. Idan babu, kuma takardar da aka ba ka ta toge ainihin ciwon da ke kai ta asibiti, gara ka ware mata asusu na musamman, ka kuma zauna da 'yan'uwanka kowa ya riƙa sa wani abu a ciki duk wata, tun kafin ranar buƙata.

Mu dawo kan rai. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: idan babu ni gobe, nawa gidan nan zai rasa duk wata, kuma har tsawon shekara nawa? A misalinmu hidima 850 ce. A ciki akwai naka na kanka, zirga-zirga da sutura da sauransu, mu ce 150, wannan zai tafi tare da kai. Akwai biyan bashi 100 a wata, wanda za mu biya gaba ɗaya daga kuɗin inshorar, shi ma mu cire. Saura 600. Mai ɗakinka tana kawo 200, giɓin ya zama 400 a wata, 4,800 a shekara. Ƙaramarku tana da shekara 2, kafin ta kai 18 akwai shekara 16. Idan ka ninka 4,800 sau 16 za ka sami 76,800. Ƙara ragowar bashi, mu ce 2,400, ya zama 79,200. Yanzu cire abin da ke akwai: idan wurin aiki zai biya albashin shekara biyu, 19,200 ke nan, da ajiyarka, mu ce 1,000. Abin da ya rage 59,000, a cike shi ya zama 60,000.

Za ka ji ana cewa mutum ya sayi ninkin abin da yake samu a shekara sau 10. A nan zai ba ka 96,000. Ba laifi ba ne a matsayin kintace, amma bai san shekarun 'ya'yanka ba, bai san mai ɗakinka tana sana'a ba. Lissafin da muka yi shi ma ba cikakke ba ne. Bai sa ribar da kuɗin za su iya kawowa idan aka juya su ba, bai kuma sa tashin farashi ba. Na bar su su kashe juna don sauƙi, amma inda farashi ke gudu da sauri, ba sa kashe juna, tashin farashi ne ke cin nasara. Maganinsa shi ne ka sake lissafin duk bayan shekara biyu ko uku, da kuma duk lokacin da aka yi haihuwa, ko ka canja aiki, domin 19,200 ɗin can na wurin aikin ne, ba naka ba.

To ga inda tsarin wakilinka ya gaza. Inshorar rai mai wa'adi abu ɗaya take yi: idan ka rasu a cikin shekarun da aka ƙayyade, a biya iyalinka adadin da aka rubuta. Idan wa'adi ya cika kana raye, ba a ba ka komai. Mutane suna jin wannan kamar asara, shi ya sa mai ajiya ta fi saurin sayuwa. Amma duba lambobin. Mutum mai shekara talatin da 'yan kai, mai lafiya, marar shan taba, a misalinmu mu ce an yi masa farashin 240 a shekara don a rufe shi da 60,000, wato 20 a wata. Tsarin mai ajiya kuwa, idan kana zuba 100 a wata na shekara 15, jimillar zubinka 18,000 ne, kuma adadin da za a biya idan ka rasu yawanci yana kusa da wannan, mu ce 20,000. Ka biya ninki biyar, iyalinka sun sami sulusin abin da suke buƙata. Dalilin a fili yake: yawancin zubin ajiya ce, ɗan kaɗan ne ke sayen kariya. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma abin da ba a faɗa da ƙarfi. La'adar wakili da kuɗin buɗe takarda ana kwashe mafi yawansu ne daga zubin shekarun farko. Saboda haka idan ka gaza ci gaba a shekara ta farko ko ta biyu, abin da za a mayar maka kaɗan ne ƙwarai, wani lokaci babu ko kwabo. Ka ce wa wakilin ya nuna maka, a rubuce, teburin abin da za a ba ka idan ka fita a ƙarshen shekara ta 1, ta 2, ta 3 da ta 5, kuma ya bambance maka wanda aka lamunce da wanda ake hasashe. Yadda fuskarsa za ta yi ma amsa ce. Ban ce tsarin ba shi da amfani ga kowa ba. Wanda ya gama rufe lafiya da rai, yana da rara mai kauri, kuma ya san hannunsa ba ya riƙe kuɗi sai an tilasta masa, zai iya amfana. Kai ba ka kai nan ba tukuna: 100 na wannan tsari da 50 na lafiya, wato 600 ɗin can a raba wata 12, sun cinye rararka duka, ranar da taya ta fashe sai bashi.

Idan abin da ke damunka game da inshora na addini ne, ka nemi takaful. A tsarinsa zubin mahalarta gudummawa ce a asusu ɗaya da ake taimakon wanda abu ya sama, kamfani wakili ne mai gudanarwa da ake biya ladan aikinsa, ba a juya kuɗin a harkar da ke da kuɗin ruwa, kuma idan an sami rara akan raba wa mahalarta bisa sharuɗɗan takardar. Kamfanin farko na zamani a wannan tsari an kafa shi a Sudan a 1979, Malesiya kuma ta yi masa doka a 1984. Amma duk abin da na faɗa game da iyakoki da lokacin jira da faɗin gaskiya yana nan daram a takaful. Shi ma yana da nau'in kariya zalla da nau'in mai haɗe da ajiya, sai ka san wanda ake miƙo maka.

Yara ba sa buƙatar inshorar rai, domin ba wanda ke ci daga hannunsu. Mai ɗakinka kuwa tana buƙata, ko da ƙarama, bayan an gama da taka: 200 ɗinta za su tafi, kuma aikin da take yi a gida sai an biya wani ya yi shi. Akwai kuma ramin da ke tsakanin lafiya da rai wanda mutane ke mantawa. Mutum ya yi haɗari ko ya sami shanyewar ɓarin jiki, bai mutu ba, bai kuma iya aiki. Inshorar lafiya ta biya asibiti ta tsaya, ta rai ba ta biya ba domin yana raye, albashi ya yanke, baki bai ragu ba. Ka tambaya ko za a iya ƙara maka kariyar naƙasa ta dindindin a kan takardar ran, da sharaɗin yafe zubi idan ka kasa aiki. Ka karanta ma'anar naƙasar da kyau: akwai bambanci babba tsakanin "ba zai iya aikinsa ba" da "ba zai iya kowane irin aiki ba". Na biyun ya fi araha saboda da wuya a cika sharaɗinsa.

Cika fom. A nan zan roƙe ka. Wata takarda da ba na mantawa, ta wani magidanci ce da ya rasu wata goma sha huɗu bayan shiga. A fom ɗin, layin da aka tambaya ko likita ya taɓa ce masa yana da hawan jini, an yi alama a "a'a". Duk layukan tambayoyin lafiya an bi su da alama iri ɗaya, da biro ɗaya, kalar da ta bambanta da ta sa hannunsa, ka san hannu ɗaya ne ya zuba su a minti guda. Katinsa na asibiti kuwa ya nuna shekara uku yana karɓar maganin hawan jini. Matarsa ta ce wakili ne ya cika, shi dai hannu kawai ya sa. Na yarda da ita, amma sa hannun nasa ne, kuma an ƙi biya. Da ya faɗi gaskiya, mai yiwuwa ƙarin zubi kawai za a yi masa. A wurare da yawa kamfani yana da damar bincikar abin da ka rubuta idan rasuwa ta zo a shekara biyun farko, kuma suna yin binciken. Ka cika da hannunka, ka faɗi hawan jini, da sukari, da taba, da duk aikin da aka taɓa yi maka, kada ka bari a ari bakinka a ci maka albasa. Ka riƙe kwafi.

Yanzu gurbin kuɗin. A misalinmu lafiya 50 a wata, rai 20, jimilla 70, wato kashi 7 cikin 100 na abin da ke shigowa. Sauran 80 ɗin ka tara su a asusun ko-ta-kwana har su kai hidimar wata uku. Wannan asusun ɓangare ne na tsarin, domin shi zai biya 100 ɗin farko na kwanciya, shi zai biya ƙananan jinya, kuma shi zai riƙe zubi a watan da albashi ya makara. Ba ni da wani kaso na dole da zan ce kowa ya kashe a inshora. Gwajin da nake ba mutane shi ne wannan: ka tuna watan da ya fi kowane matse ka a shekarar da ta wuce, watan kuɗin makaranta ko na haya. Da za ka iya biyan zubin a wannan watan ba tare da rance ba? Idan a'a, zubin ya yi maka yawa, ko da a wata mai sauƙi yana kama da ba komai ba.

Biyan shekara gaba ɗaya yawanci ya fi na wata-wata araha. Idan an ce 240 a shekara ko 22 a wata, na watan ya kama 264, ƙarin kashi 10. Dabarar ita ce shekarar farko ka biya wata-wata idan ba ka da dunƙulen, amma ka buɗe asusu daban wanda ba shi da katin cire kuɗi, kana sa ɗan abu a ciki har ka tara na shekara mai zuwa, daga nan ka koma biyan shekara, kana zuba wa asusun kashi ɗaya cikin 12 duk wata. Ka sa banki ya cire kuɗin kwana ɗaya bayan shigar albashi, ba ƙarshen wata ba. Kuma kada ka bar sabunta lafiya da ta rai da ta mota su faɗo a wata ɗaya, ko su haɗu da watan haya. Ranar da ka fara takarda ita ce ranar sabunta ta kowace shekara, ke nan tun yanzu kake zaɓen watan. Ka kuma sa a ranka cewa zubin lafiya yana tashi kusan kowace shekara, saboda tsadar magani da ƙaruwar shekaru, amma na rai mai wa'adi ana iya ɗaure shi a adadi ɗaya har ƙarshen wa'adi. Ka tabbata wanda aka ɗaure aka ba ka, ba wanda ake sabunta farashinsa duk shekara ba.

Idan 70 ɗin ma ta gagara, ga yadda ake rage ta. A ɓangaren lafiya, ka yarda da ƙarin abin da za ka biya da kanka, ka sauke tabarau da haƙori da ɗaki na musamman, amma kada ka taɓa iyakar tiyata da kwanciya. A ɓangaren rai, ka rage adadin, 40,000 maimakon 60,000, ko ka rage wa'adin zuwa shekara 10, shekarun da yaran suka fi ƙanƙanta. Da babu gara ba daɗi. Abin da ba a yi shi ne a sayi babba a bar ta ta mutu. Yawancin takardu suna ɗaga ƙafa na kusan kwana 30 bayan ranar biya, idan suka wuce kariya ta tsaya. Farfaɗo da ita kan buƙaci biyan abin da ya taru da sake amsa tambayoyin lafiya, kuma idan wani ciwo ya ɓullo a tsakani, za a iya ƙi ko a ƙara kuɗi. A ta lafiya kuma lokacin jira na iya komawa farko. Yawancin waɗanda na ga takardunsu sun mutu ba talauci ne ya kashe su ba: mutum ya canja banki, ko katinsa ya ƙare aiki, cirewar ta daina tafiya, saƙon gargaɗi kuma yana zuwa tsohuwar lambar waya. Duk wata ka leƙa ka ga kuɗin sun fita, kuma kamfani kake biya kai tsaye da rasit, ba hannun wakili ba.

Kafin ka biya zubin farko, ka duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na hukumar da ke kula da inshora a ƙasarku. Bayan takarda ta iso, ƙasashe da yawa suna ba da 'yan kwanaki da za ka iya fasawa a mayar maka da kuɗinka, to a cikinsu za ka karanta shafin abubuwan da aka toge. Ka rubuta sunan wanda za a biya daidai da yadda yake a katin shaidarsa, ka tambaya yadda dokar gado ta wurinku take ɗaukar wannan kuɗi, kuma kada ka sa sunan ƙaramin yaro shi kaɗai ba tare da babban da zai riƙe masa ba, domin hakan kan tsayar da biya har sai an je kotu. Sannan ka zaunar da mai ɗakinka ka nuna mata inda takardun suke, ka sa mata sunan kamfanin da lambar takardar da lambar kiran gaggawa ta inshorar lafiya a wayarta, domin idan kai ne a kwance, ita za ta yi kiran.